Binciken Tarihin Mai Neman Aiki: Tambayoyi da Amsoshi Kan Iyakar Abin da Za a Tono

Tambayoyin nan na tattara su ne daga abin da matasa da iyayensu ke yawan kawowa a nan Zariya, musamman idan an kira yaro ganawar ɗaukar aiki aka miƙa masa fom mai tambaya kan kotu ko 'yan sanda. Abin da na lura da shi, yawancin waɗanda suka rasa aiki a wannan gaɓa ba tsohon laifi ne ya kayar da su ba. Rashin sanin sunan abin da ya same su a shari'a ne, da rashin takardar da za ta yi magana a madadinsu.

Malam, shin kamfani yana da ikon bincikar tarihina kafin ya ɗauke ni?

Yana da shi, amma da iyaka. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, sannan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta zo ta shimfiɗa sharuɗɗa ga duk wanda zai tattara bayanin wani, har da mai ɗaukar ma'aikata. Dole ya kasance yana da hujjar da doka ta amince da ita, wadda a harkar ɗaukar aiki galibi yardarka ce a rubuce, ko wata dokar da ta wajabta masa binciken. Dole ya gaya maka abin da zai nema, da dalilin nemansa, da wanda zai miƙa wa. Kuma ba zai ɗebi fiye da abin da aikin ke buƙata ba.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ma'aunin da nake so kowa ya riƙe. Wanda zai ɗauki direban motar 'yan makaranta a Samaru yana da dalilin duba lasisinsa da tambayar ko an taɓa hukunta shi kan tuƙin ganganci ko cin zarafin yara. Amma bashin da ke kansa a banki, ko jam'iyyar da yake goya wa baya, ba su da alaƙa da sitiyari.

An taɓa kama ni na kwana biyu a ofishin 'yan sanda, aka sake ni. Ina da tarihin laifi ke nan?

A'a. Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulki ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Kamu zargi ne kawai. A nan ne ya kamata mu tsaya mu rarrabe, domin a bakinmu duk abu ɗaya muke kira, mu ce wane ya taɓa yin kes, alhali a shari'a matakai ne daban-daban.

Akwai wanda aka kama aka sake shi tun a ofishin 'yan sanda, ba a kai shi gaban alƙali ba. Akwai wanda aka kai kotun majistare da takardar ƙarar farko da ake kira FIR, aka yi ta ɗage zama, mai ƙara ya daina zuwa, alƙali ya gaji ya kori ƙarar ya sallame shi. Wannan sallama ce kawai, ana iya sake kawo ƙarar wata rana, amma ba a same shi da laifi ba. Akwai wanda aka saurari shaidu har ƙarshe, kotu ta sallame shi kuma ta wanke shi, wanda sashe na 36(9) ya hana a sake yi masa shari'a kan wannan laifin. Duk waɗannan ukun ba a yanke musu hukunci ba. Na huɗu shi ne wanda kotu ta samu da laifi, ko don shaidu sun tabbatar, ko don shi da bakinsa ya amsa. Shi kaɗai ne mai tarihin hukunci.

To ni tara kawai na biya, ban kwana gidan yari ba ko sau ɗaya.

Nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami da zuciya ɗaya. Idan alƙali ya karanta maka tuhuma, ka ce ka aikata, ya ce wata uku ko tarar naira dubu goma, ɗan'uwanka ya biya kuka tafi gida kafin la'asar, to an yanke maka hukunci. Tarar ita ce horon, samunka da laifi kuma yana rubuce a littafin kotu. Haka ma wanda aka sa shi aikin yi wa al'umma hidima maimakon ɗauri, da wanda ya yi yarjejeniya da mai gabatar da ƙara ya amsa ƙaramin laifi don a sassauta masa.

Abin yana ba ni takaici, domin sau da yawa yaro yana amsa laifin da bai fahimta ba, saboda wani a harabar kotu ya raɗa masa cewa ya amsa kawai a gama a tafi. Ba wanda ya gaya masa cewa bayan shekara biyar zai zauna gaban fom yana tunanin abin da zai rubuta. Idan kana shakkar yadda shari'arka ta ƙare, kada ka dogara da abin da ka tuna ko abin da Baba ya tuna. Ka je rajistarar kotun ka nemi a duba.

Yaya zan amsa tambayar da ke kan fom?

Ka karanta kalmar da aka yi amfani da ita, tunda yawancin fom ɗin da Turanci suke zuwa. Idan an rubuta `convicted`, ana tambayar ko kotu ta taɓa samunka da laifi. Wanda aka kama aka saki, ko aka kori ƙararsa, ko aka wanke shi, amsarsa a'a ce, kuma bai yi ƙarya ba. Idan an rubuta `charged`, ana nufin ko an taɓa gurfanar da kai, to wanda ya tsaya gaban alƙali ko da an wanke shi daga baya amsarsa e ce, sai ya ƙara yadda ta ƙare. Idan kuwa `arrested` aka rubuta, tambayar ta fi faɗi, kuma a ganina ta zarce abin da yawancin ayyuka ke buƙata, amma hukumomin tsaro suna yinta.

Ka amsa abin da aka tambaya daidai, ba ƙari ba ragi. Kada ka yi ƙarya. A ƙasan fom akwai layin da kake sa hannu cewa duk abin da ka rubuta gaskiya ne, kuma ranar da aka gano akasin haka, ko bayan shekara goma ne, ana iya korarka kan ƙaryar kanta, ko da laifin na asali bai kai ya hana ka aikin ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a nan kuwa kai ka haƙa shi da biro ɗinka.

Za a iya ba mu misali daga farko har ƙarshe?

A ɗauka wani matashi ne ɗan Tudun Wada, ya gama difloma a Kwalejin Nuhu Bamalli, ya nemi aikin kula da sito a wani kamfanin taki. Shekara huɗu kafin nan an yi faɗa a unguwarsu, aka kwashe samari bakwai har da shi, aka kai su kotun majistare kan tayar da hankali. Ya kwana tara a tsare kafin a ba da belinsa. An ɗage zama sau biyar, masu ƙara ba su sake zuwa ba, alƙali ya kori ƙarar.

Ya ci ganawa, aka ba shi takardar ɗauka da sharaɗin sai an gama bincike. A fom an tambayi ko an taɓa samunsa da laifi, ya ce a'a. Wanda kamfanin ya tura bincike ya je unguwa, wani ya ce masa ai yaron ya taɓa zama gidan yari. Sai aka kira shi a waya aka ce an janye.

Ga abin da ya kamata ya yi. Ranar farko, kada ya je yana rantse-rantse a bakin get. Ya rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga shugaban sashen ma'aikata, ya ce yana neman a sanar da shi bayanin da aka samu a kansa da inda aka samo shi, bisa sashe na 34 na Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wanda ya ba shi damar ganin bayanansa da neman a gyara na kuskure. Ya roƙi a dakata da cike gurbin na mako biyu. Ya kai kwafi biyu, a buga masa hatimin karɓa a ɗaya ya riƙe.

Daga nan sai kotu. Zai rubuta wa magatakarda takardar neman kwafin umarnin da ya kori ƙarar, wanda aka tabbatar da hatimin kotu, abin da lauyoyi ke kira CTC. Abin da zai sauƙaƙa masa shi ne lambar ƙarar. Idan ya manta, takardar belinsa tana ɗauke da ita, ko wanda ya tsaya masa yana iya samun kwafi. In duk babu, sunayen waɗanda aka gurfanar tare da shekara da watan sun isa a buɗe littafi a nemo, sai dai zai ɗauki lokaci. Akwai kuɗin da ake biya, ya karɓi rasit.

Sai ya haɗa kwafin kotun da takardar shaidar hali daga 'yan sanda, da bayani na layi huɗu ko biyar: an gurfanar da ni tare da wasu a shekara kaza, an tsare ni kwana tara kafin beli, kotu ta kori ƙarar ranar kaza, ba a taɓa samuna da laifi ba, don haka amsar da na bayar a fom daidai ce. Kada ya shiga labarin wanda ya fara jifa. Zaman jiran shari'a da zaman hukunci a gini ɗaya ake yinsu, shi ya sa mutumin unguwa bai bambance ba, amma takardar kotu ta bambance.

Wannan ba zai tilasta wa kamfanin ya ɗauke shi ba. Abin da zai yi shi ne ya cire masa tambarin maƙaryaci, ya sa a gyara abin da aka rubuta a fayil, ya kuma bar shi da takardun da zai riƙa gaba da su zuwa kowace ganawa.

Ita takardar shaidar hali ta 'yan sanda, me take nunawa, kuma ina ake samunta?

Tana fitowa ne daga babbar rajistarar masu laifi ta rundunar 'yan sanda, wadda tsohuwar cibiyarta ke Alagbon a Legas. Yanzu ana cike buƙata ta shafin POSSAP, wato possap.gov.ng, a biya kuɗi ta nan, sannan a je a ɗauki hoton yatsu. Da yatsun ake duba ko akwai hukunci a kanka, kuma wannan ya fi duba suna aminci nesa ba kusa ba. A gari irin Zariya, mutum nawa ne ke amsa suna ɗaya da sunan uba ɗaya? Duk wanda aka ce an ga sunansa a wani jerin masu laifi, abin farko da zai nema shi ne a gwada ranar haihuwa, da hoto, da yatsu. Takardar ba ta daɗewa, wata uku ake ɗaukarta da inganci, saboda haka kada ka nema sai an buƙata.

Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta ce a tura hukuncin kotu zuwa rajistarar cikin kwana 30, kuma Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2017. A aikace ba kowane hukunci ke isa can ba. Wannan yana da fuska biyu. Takarda mai tsabta ba ta ba wanda aka taɓa hukuntawa lasisin cewa a'a ba, tunda littafin kotu yana nan. Sannan wanda kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncinsa yana iya tarar da tsohon hukuncin bai goge ba, sai ya kai kwafin sabon da kansa.

Ka guji mai cewa ka kawo kuɗi ya kawo maka takardar gobe ba tare da an ɗauki yatsunka ba. Takardar jabu sabon laifi ce.

An yanke mini hukunci da gaske shekara goma sha biyu da suka wuce. Ba ya gogewa da daɗewa?

Wannan ita ce amsar da ba na jin daɗin bayarwa. A Birtaniya akwai dokar 1974 da ke sa wasu hukunce-hukunce su tsufa bayan wani wa'adi, mutum ya daina bayyana su ga yawancin ayyuka. A Amurka jihohi da birane da dama sun hana sa tambayar a fom ɗin farko. Waɗannan nasu ne. Nijeriya ba ta da doka ta gaba ɗaya da ke goge hukunci don ya daɗe, kuma sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki da ya hana wariya ya lissafa ƙabila, da wurin asali, da jinsi, da addini, da ra'ayin siyasa, bai ambaci wanda ya taɓa zaman kaso ba. Kada abin da ka gani a intanet game da wata ƙasa ya sa ka rubuta a'a.

Amma akwai ƙofofi. Sashe na 14 na Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 ya tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya nuna natsuwa ko ya koyi sana'a ko karatu a lokacin zamansa, ya kuma ce kada a nuna wa mai riƙe da ita wariya saboda ɗaurin da ya yi. Mutane kaɗan ne suka san da wannan, kuma ya dace duk mai ɗan'uwa da ke gab da fitowa ya tambayi jami'in jin daɗin fursunoni tun kafin ranar. Sai afuwa: ta gwamna ƙarƙashin sashe na 212 na Kundin Tsarin Mulki ga laifin dokar jiha, ta shugaban ƙasa ƙarƙashin sashe na 175 ga na tarayya. A lura, rage wa'adi daban, cikakkiyar afuwa daban. Wanda aka sako da wuri albarkacin wani biki, ya duba takardarsa ya ga wanne aka rubuta.

Idan babu ko ɗaya, ka faɗa da kanka kafin a tono. Ka ambaci laifin da shekarar, da abin da ka yi tun daga lokacin, ka kawo wasiƙar wanda ka yi wa aiki bayan fitowarka. Wasiƙar maigidan da ya bar maka makullin shagonsa a kasuwar Sabon Gari shekara shida ta fi dogon roƙo nauyi.

Akwai ayyukan da hukunci ke rufe ƙofarsu gaba ɗaya?

Akwai, kuma gara a sani kafin a kashe kuɗin mota. Dokar bankuna ta 2020 ta hana banki ɗaukar wanda aka hukunta kan zamba ko rashin gaskiya. Kamfanonin gadi masu zaman kansu, waɗanda hukumar Sibil Difens ke sa wa ido, an hana su ɗaukar wanda aka hukunta kan irin su sata da zamba. Soja da ɗan sanda suna sa rashin hukunci cikin sharuɗɗan shiga. A aikin gwamnatin tarayya, ƙa'idar ita ce ba a naɗa wanda aka taɓa hukuntawa ko aka kora daga aikin gwamnati sai da amincewar Hukumar Ma'aikatan Tarayya tun da farko, wato ƙofar a sakaye take, ba a kulle ba. Makarantu kuma suna iya duba rajistar masu laifin fyaɗe da cin zarafi da hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, ke riƙe da ita tun 2019, kuma ni ina goyon bayan su duba.

Ɗana yana da shekara goma sha biyar lokacin da abin ya faru. Zai bi shi?

Hajiya, bai kamata ba. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce bayanan shari'ar yaro sirri ne, ba a buɗe wa wanda ba ruwansa, kuma Kaduna tana da tata dokar kare yara ta 2018. Matsalar da ake samu ita ce idan an ƙara masa shekaru a takardar 'yan sanda aka yi masa shari'a a matsayin babba. In haka ne, ki nemo takardar haihuwarsa ko ta firamare ki kai wa lauya tare da kwafin shari'ar.

An ce sai na yi gwajin jini, har da na ƙanjamau.

Duba lafiya don a san ko za ka iya aikin halal ne, kuma Dokar Ƙwadago ta ɗora kuɗinsa kan mai ɗaukar aiki. Amma dokar hana wariya ga masu ɗauke da cutar ƙanjamau ta 2014 ta hana a mai da wannan gwaji sharaɗin ba da aiki, in ban da 'yan wurare ƙalilan da likitoci suka tabbatar akwai haɗarin yaɗawa. Abin da ya kamata ya isa teburin kamfani shi ne ko ka dace da aikin ko ba ka dace ba. Sakamakon gwaji naka ne da likitanka.

Sun je wurin mai unguwa da tsohon maigidana ba su gaya mini ba. Kuma laifin yayana ne aka ba su labari.

Tambayar mai unguwa ko liman al'adarmu ce tun kafin fom, ko aure ba a ɗaurawa sai an yi ta, kuma ba na ganin za ta gushe. Sai dai da zarar kamfani ya rubuta abin da ya ji ya sa a fayil, ya zama bayanin da doka ta ce dole ya zama sahihi, kuma kana da damar gani da neman gyara. Laifin yayanka nasa ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta hana a kama wani a madadin wani, balle a ce ka ɗauki hukuncin da ba naka ba.

Shawarata, ka riga su zuwa. Ka gaida mai unguwa, ka ce ranka ya daɗe, na nemi aiki wuri kaza, ƙila su zo tambaya, ga takardar da kotu ta ba ni. Idan kana wani aiki yanzu kuma ba ka so a tuntuɓi maigidanka kafin a tabbatar maka da sabon, ka rubuta haka a fom ɗin yarda kafin ka sa hannu.

Idan na ƙi sa hannu a takardar yarda fa?

Kana da damar ƙi, su ma suna da damar su ce ba za su ci gaba da kai ba. Abin da ya fi amfani shi ne ka karanta ka tambaya: me za a duba, wane kamfani zai duba, har yaushe za a ajiye idan ba a ɗauke ni ba? Ka ɗauki hoton takardar bayan ka sa hannu. Kada ka ba kowa lambar sirrin wayarka ko ta shafinka na sada zumunta, kada kuma ka bar asalin takardun makarantarka a hannun kowa, kwafi ya isa.

Ina zan kai kuka idan an ƙi gyara bayanin ƙarya?

Ka fara da kamfanin a rubuce, ka ba su wa'adi, kwana 14 ya isa a ganina. In sun yi shiru, sai Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, NDPC, wadda sashe na 46 na dokar 2023 ya ba ikon karɓar ƙorafi da bincike. Tana iya ba da umarnin a gyara, a biya diyya, ko ta ci tara. Ka haɗa mata kwafin wasiƙarka mai hatimin karɓa, da fom ɗin yarda, da takardar kotu. Idan an riga an ɗauke ka sannan aka kore ka kan sakamakon bincike, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irin wannan, kuma tana zama a Kaduna. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya gwada Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko cibiyar taimakon shari'a ta Tsangayar Lauya ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo. Ya tafi da lambar ƙararsa a rubuce, domin ita za a fara tambayarsa.